Auna Darajar Kamfani da Ma'aunin Takwarorinsa

Idan ana sayen hannun jarin kamfanonin siminti kan ninki 10 na ribarsu, kamfanin da ya ci ribar naira biliyan 2 sai a yi masa kuɗi biliyan 20. Sai dai bashi yana ɓata wannan lissafi. Shi ya sa masana ke haɗa darajar hannun jari da bashi, su cire kuɗin da ke ajiye, sannan su raba da riba kafin cire kuɗin ruwa, haraji da tsufan injuna.

A kuma bincika tushen ribar. In rabinta daga sayar da fili ta fito, baɗi ba za ta dawo ba, don haka darajar kamfanin biliyan 10 ce kawai.