Ina Ya Kamata Manhajar Biyan Kuɗi Ta Ajiye Lissafinta?

"An cire mini kuɗi, amma bai shiga ba." Duk mai yin transfa ya san wannan kuka. Sau da yawa matsalar tana tsakanin bankuna ne, amma wani lokacin tushenta yana cikin rumbun bayanan da masu manhaja suka zaɓa tun ranar farko.

Rumbunan da ake yawan zaɓa iri biyu ne. Na farko, irin su PostgreSQL da MySQL, yana jera bayanai a jadawali masu alaƙa da juna, tamkar littafin akanta. Na biyu, irin MongoDB, yana ajiye kowane bayani a matsayin takarda mai zaman kanta, wadda za a iya sauya wa fasali cikin sauƙi.

A ce wata mata ta sayi yadi na naira 5,000 a Kantin Kwari, ita da mai shagon kuma manhaja ɗaya suke amfani da ita. Aiki biyu ne a nan: a rage asusunta, a ƙara nasa. Idan na'ura ta mutu a tsakani, kuɗin ya bi iska. Ga yadda rumbu mai jadawali yake ɗaure su:

```sql
BEGIN;
UPDATE asusu SET kobo = kobo - 500000 WHERE id = 1;
UPDATE asusu SET kobo = kobo + 500000 WHERE id = 2;
COMMIT;
```

Ko dai duka biyun su tabbata, ko kuwa babu wanda zai tabbata. A kobo ake rubuta kuɗin, domin lissafin ɗigo a kwamfuta yakan ɗan kauce. Rumbun da kansa yana kuma tsare doka: `CHECK` zai hana asusu yin ƙasa da sifili, `FOREIGN KEY` kuwa zai ƙi karɓar biya zuwa asusun da babu shi.

MongoDB tun asali takarda ɗaya take ba wa wannan tabbaci, alhali transfa tana taɓa biyu. Daga 2018 ta iya ɗaure takardu da yawa a aiki guda, amma sai mai rubuta manhaja ya nema, kuma duba cewa asusun yana nan ya rage a wuyansa. Ranar da ya manta, rumbun ba zai ce uffan ba.

Inda takarda ta yi fice shi ne amsoshin da bankuna ke turowa, kowanne da nasa fasali. Ko su ma PostgreSQL tana iya riƙe su ta hanyar `JSONB` tun 2014.

Gwajin gaskiya ɗaya ne: kowane dare a haɗa abin da aka cire da abin da aka saka. Bambancin kobo ɗaya ma alama ce ta ɓaraka.

Don haka lissafin kuɗi ya zauna a jadawali, sauran bayanai su je inda ya fi sauƙi. Kuɗin jama'a amana ne, ba a barin tsaronsa a hannun mantuwar mutum ɗaya.