Takalmi ɗaya, jaka ɗaya, kaya kala-kala

A shirinmu na wannan mako mun tsaya a unguwar Sersouf ta Tamanrasset, inda 'yan kasuwa da yawa ke sauka kafin su kama hanyar In Guezzam zuwa Assamaka da Arlit. Mai irin wannan tafiya ba shi da wurin zuba takalma biyar. Ɗaya ne a ƙafa, jaka ɗaya a kafaɗa. To wace kala za ta shiga da duk kayan da ke cikin ƙunshi?

Mu ɗauki 'yar kasuwa mai kaya huɗu: shuɗiyar shadda, atamfa kore mai zanen rawaya, laffaya ja mai duhu, da baƙar abaya. In ta sayi shuɗin takalmi don shaddar, ta yi wa kaya ɗaya hidima ta bar uku. Kuma da wuya shuɗin fata ya zo daidai da shuɗin yadi. Kala biyu da suka kusa zama ɗaya amma ba su zama ba, su ne ido ya fi saurin kamawa.

Abin da ya fi mata shi ne ruwan ƙasa, kalar fatar da aka jeme. Yana kwantar da shuɗi, yana ɗauko rawayar atamfar, ba ya faɗa da ja, a kan baƙi kuma ya fito fes. Jakar ba sai ta zama kalar takalmin sak ba. Takalmi ya yi duhu, jaka ta yi haske kamar ruwan zuma, an gane dangi ɗaya ne, shi ke nan.

Za ku ce, ina baƙi? Baƙi na shiga da komai a cikin ɗaki, amma kun san ƙurar hanyar nan. Kafin azahar ya yi furu-furu, alhali ruwan ƙasa ya ɓoye ta. Fari kuwa, a ganina, asarar kuɗi ce ga mai sa rawani ko zane na baba, don shunin na sauka a kan jaka kuma ba ya fita da sauƙi.

Inda ruwan ƙasa ke gazawa shi ne kaya ruwan toka, ko shadda mai aikin zare kalar azurfa. Wanda yawancin kayansa haka suke, ya ɗauki baƙi, ya haƙura da gogewa.

Kafin ku biya, ku fito da takalmin waje, don fitilar shago na canza kala. Ku ɗora shi kan ƙyallen kayanku biyu ko uku. Sannan ku jiƙa farin tsumma ku goga a jikin jakar, musamman mai jan rini irin na dukawa. In tsumman ya ɗauki kala, haka farar rigarku za ta ɗauka ranar da zufa ta keto.