Yadda Ake Sa Kwalin Ashana Ya Yi Tafiya a Hoton Waya

Abin da ido yake ɗauka motsi ne a majigi, a haƙiƙa jerin hotuna ne sandararru da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. A silima akan nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma masu motsa 'yan tsana da hannu sukan wadatu da 12. Idan aka yi ƙasa da haka sosai, sai a ga abin yana tsalle maimakon tafiya.

Alal misali, a ce ana son kwalin ashana ya yi tafiyar santimita 20 a kan tebur cikin daƙiƙa 2. Wannan yana bukatar hoto 24, wato a matsa kwalin sau 24, ana ɗaukar hoto bayan kowace matsawa. Sai dai ba a raba tazarar daidai wa daida, domin babu abin da yake tashi da cikakken gudu, ko ya tsaya cak. Matsawa huɗu na farko za su kasance milimita 2, da 4, da 6, da 8. Goma sha shida na tsakiya kuwa santimita ɗaya ɗaya, sa'an nan huɗu na ƙarshe su koma 8, da 6, da 4, da 2. In aka ƙara hoto 6 na kwalin a tsaye tun farko, da wasu 6 a ƙarshe, an sami hoto 36, wato daƙiƙa 3.

Lissafin nan ba zai amfana ba muddin haske yana sauyawa. Aikin yana iya cin rabin sa'a, alhali mai kallo zai gan shi cikin daƙiƙa 3, saboda haka gajimare guda da ya gitta zai bayyana kamar ƙyaftawar ido. Maganinsa shi ne a rufe tagogi, a kafa fitila ɗaya wadda ba za a taɓa ba. Fitila mai caji takan dushe yayin da batirinta yake raguwa, don haka a cika ta tukuna.

Ita ma wayar takan gyara haskenta da kanta a kowane hoto, kuma wajibi ne a hana ta. A iPhone ana danne allon har rubutun AE/AF LOCK ya fito. Haka nan farar riga tana mayar da haske kan tebur, shi ya sa ake son mai ɗauka ya sa baƙaƙen tufafi, ya riƙa komawa wuri ɗaya kafin kowane hoto.

Ana gane tushen matsala daga kallon hotunan a jere. Idan dukan hoton ne yake haske yana duhu, laifin fitila ne ko na wayar. Idan kuwa teburin kansa ne yake rawa, to, an girgiza wayar wajen dannawa, sai a ɗaure ta sosai, a sa mata jinkirin 'yan daƙiƙu kafin ta ɗauka.