Lissafin tau a cajin kafasita: mu warware tambayar jarrabawa tare

Shirin yau na 'yan ajin farko ne a jami'a da kwalejin fasaha masu ɗaukar Fiziks. A ɗauko biro da takarda da kalkuleta, don ba a koyon lissafi da kunne kawai.

Ga abin da ke faruwa. An jona batir da rezista da kafasita a jere, kafasitar babu caji ko kaɗan. Da an kunna, wuta za ta kwarara da ƙarfi, sai ta riƙa raguwa. Dalili? Cajin da ke taruwa a kafasita yana ture na batir, kamar mai yi wa tayar keke iska: da farko famfo na tafiya salin-alin, tana cika yana ƙara tauri. Ma'aunin wannan jinkiri shi ake kira tau, τ = RC. Duk tau ɗaya, kafasita na cike kusan kashi 63 cikin 100 na giɓin da ya rage mata. Ku riƙe kalmar nan, wanda ya rage. Shi ya sa tau biyu ke ba da kashi 86, ba 126 ba.

To, ga tambaya. Batir mai bolt 12, R = 200 kΩ, C = 10 µF. A nemo tau, a nemo bolt ɗin kafasita bayan sakan 3, sannan a faɗi lokacin da za ta kai bolt 9.

Kafin komai a mayar da awo zuwa asalinsa. Kilo dubu ne, don haka rezista om 200,000 ce. Maikro kuwa ɗaya bisa miliyan ne, kafasita ta zama farad 0.00001. Ninka su, τ = 2, wato sakan 2. Wanda ya ninka 200 da 10 ya rubuta sakan 2,000, ya riga ya zubar da makin tambayar tun daga layin farko.

Ni shawarata, kada ka taɓa kalkuleta tukuna, yi ƙiyasi. A sakan 2 kafasita na da kashi 63 na 12, kusan bolt 7.6. A sakan 4 tana da kashi 86, kusan 10.4. Ke nan amsar sakan 3 dole ta faɗo tsakaninsu.

Yanzu sai dabarar caji:

V = V₀(1 − e^(−t/τ))

Raba t da tau: 3 bisa 2, ya ba da 1.5. Danna e^(−1.5), za ka ga 0.2231. Cire shi daga 1, saura 0.7769. Ninka da 12, amsa bolt 9.32. Ta faɗo tsakanin 7.6 da 10.4 kuwa? Ta faɗo.

Idan ka samu 2.68, ka manta da cirewa daga 1 ne. Amma lambar ba ta banza ba ce, bolt ɗin da ke kan rezista ne a wannan lokacin, shi ya sa 9.32 da 2.68 suka haɗa 12 cif. In malami ya ƙara da tambayar kwararar wuta, raba 2.68 da 200,000, ka samu 13.4 µA, alhali da 60 µA aka fara.

Kashi na uku shi ne inda ake yawan tuntuɓe, don yanzu lokaci ake nema. Sa 9 a gurbin V, ka raba gefe biyu da 12:

0.75 = 1 − e^(−t/2)
e^(−t/2) = 0.25

Wannan 0.25 ɗin ma'anarsa rubu'in giɓin ne ya rage. Don sauko da t daga sama, sai a ɗauki ln na kowane gefe. ln 0.25 = −1.386, alamar ragi ta kashe 'yar'uwarta, ya zama t = 2 × 1.386, wato sakan 2.77.

A kula da maɓalli, don Allah. ln da log maƙwabta ne a kalkuleta, kuma hannu na rawa a ɗakin jarrabawa. Wanda ya danna log zai samu sakan 1.2. Ta yaya zai gane ya kauce? A sakan 2 ma kafasita 7.6 kawai ta kai, to ta ina za ta kai 9 a sakan 1.2? Amsar gaskiya dole ta wuce 2, ta kuma gaza 3 kaɗan, tunda a sakan 3 an riga an kai 9.32.

Wani lokaci a kan tambayi yaushe za ta cika. A lissafi ba ta taɓa kaiwa 12 daidai, giɓin raguwa kawai yake yi. A aikace ana ɗaukar tau biyar a matsayin cika, don a nan ta haura kashi 99. A tambayarmu sakan 10 ke nan.

Ga na gwaji kafin shiri na gaba: bolt 6, R = 50 kΩ, C = 100 µF, yaushe kafasita za ta kai bolt 3? Rabin 6 ne, bai kai kashi 63 ba, don haka amsarka ta gaza tau ɗaya.