3.4 Amfani da Dokar Kosayin Wajen Gano Girman Fili Mai Gefe Huɗu

Sanin tsawon gefe huɗu kaɗai ba ya isa a gano girman fili, sai an haɗa da kusurwa ɗaya. A ɗauki fili ABCD, inda AB yake mita 80, BC 50, CD 30, DA 50, kusurwar B kuwa digiri 60. Idan aka ja layi daga A zuwa C, filin zai rabu zuwa alwatika biyu. Dokar kosayin ce za ta ba da tsawon layin:

AC² = 80² + 50² − 2(80)(50)cos 60° = 8900 − 4000 = 4900

Wato AC mita 70 ne. A nan ɗalibai kan yi kuskuren debe 8000 daga 8900 kafin su ninka da 0.5, sai su sami mita 21.2. Wannan ba zai yiwu ba, domin dole AC ya wuce 80 − 50, wato 30.

Girman ABC shi ne ½(80)(50)sin 60° = 1732.1. Shi kuwa ACD, tunda an san gefensa uku, sai a bi dabarar Heron. Rabin kewayensa 75 ne, don haka √(75 × 5 × 45 × 25) = 649.5. Jimillar girman filin ta kama murabba'in mita 2381.6.