“Na Haƙura”: Wasiƙar Rabuwa Cikin Harshen Aro

A ɗauki misalin wata Bafulatana 'yar Yola da wani Babarbare ɗan Maiduguri. Ita ba ta jin Barbarci, shi ba ya jin Fulatanci, Hausa ce ta haɗa su tun suna ɗalibai. Yanzu ta yanke shawarar ba za ta aure shi ba, sai ta aika masa da kalmomi biyu: “Na haƙura.”

Ita tana nufin ta janye. Shi kuwa ya ɗauka ta huce ne daga saɓanin da suka samu, domin a Hausa wanda ya yafe laifi ma “na haƙura” yake cewa. Washegari sai ga shi ya kira ta yana godiya.

Harshen aro yakan rage zafin magana a bakin mai yin ta. A binciken da Jean-Marc Dewaele ya wallafa a 2008 kan mutane 1,459 masu jin harsuna da dama, kusan rabinsu sun ce furta so ya fi yi musu nauyi a harshensu na farko. Wannan 'yar tazarar tana sauƙaƙa rubutun, amma tana ɓoye wa mai rubutu nauyin kalma. “Ba na sonka” da ta ga kamar bayani ne kawai, mari ne a kunnen mai karɓa. “Mu ɗan dakata” da “sai wata rana” kuma ƙofa suke bari a buɗe, su bar bawan Allah yana jiran tsammani wata da watanni. Wannan bai zama tausayi ba.

Wasiƙarta ta biyu ta fi. Ta kira shi da sunan da ta saba, ta yi gaisuwa layi ɗaya, sannan ta rubuta: “Na yi tunani sosai, na yanke shawarar ba zan ci gaba da maganar aurenmu ba. Ba fushi nake yi ba, kuma ba lokaci nake nema ba. Ka mutunta ni tun farko, na gode.” Dalili ɗaya ta kawo, na gaskiya: ba za ta iya zama nesa da mahaifiyarta ba. Ba ta sa karin magana ko ɗaya ba, domin wanda ya koyi harshe da girma yakan fassara karin magana ta inda zuciyarsa take so.

Daga nan ta taɓo abin da yawancin mutane kan tsallake: za ta sanar da iyayenta ranar Juma'a, kuma yayanta zai mayar da kayan da ya kawo.

Kafin ta aika, sai da ta karanta wa wata aminiyarta Bahaushiya, ta tambaye ta: “Idan ke aka rubuta wa wannan, za ki ci gaba da sa rai?” Aminiyar ta nuna mata “in Allah ya yarda ma sake haɗuwa” a layin ƙarshe. Ta goge shi, ta rubuta: “Allah ya haɗa kowa da rabonsa na alheri.”