Yadda Kanti Ke Tallar Sabon Kaya da Kansa

Mai sayar da atamfa a kantin Shopify ba sai ta yi talla da hannu ba kullum ta ɗora sabon zani. Akwai wani ɗan aike na intanet, `webhook`, wanda kanti ke turawa zuwa adireshin da ta ba shi da zarar wani abu ya faru.

A saitin kantin, za ta zaɓi `products/create`, ta liƙa adireshin da manhaja irin su Zapier ta ba ta. Da ta ajiye sabuwar atamfa, sai Shopify ya aika sunanta, farashinta da hotonta. Zapier kuma ya tsara su, ya wallafa a shafinta na Facebook.

Amma a kula da abu biyu. Saƙon yana fita ko da kayan ba su gama shiri ba, don haka a sa sharaɗi: kada a wallafa sai `status` ya nuna `active`. Kuma idan amsa ba ta zo cikin daƙiƙa 5 ba, Shopify yakan sake aikawa, sai talla ta fito sau biyu. Maganinsa shi ne a riƙa ajiye lambar `id` ta kowane kaya, a tsallake wadda aka riga aka gani.